Takardar Zalihatu mai gida takwas

Tun farko in faɗa, ni da Zalihatu Mahmudu ba mu shiri, kuma har yau ba mu gaisawa. Shekara goma sha shida muka yi a asibiti ɗaya a nan ƙasar Arewa, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Ni Rahina, ungozoma ce a ɗakin haihuwa. Ita kuwa mataimakiyar likitan fiɗa ce a bulok, ɗakin da ake yi wa mata aiki a ciro jariri idan haihuwa ta gagara.

'Yar Matankari ce, doguwa, busasshiya, mai baki kamar reza. Mijinta ya rasu tun tana da ƙuruciya, ta ƙi sake aure, ta zauna da awakinta da wani tsohon moto, wato babur, mai ƙarar tsiya. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna. In ka gaishe ta sai ta dube ka tukuna, kamar tana neman abin da ka manta.

Abin da ya sa kowa ya tsane ta takarda ce guda. Ita ta tsara ta da hannunta da rula, majo na lokacin, wato shugaban ma'aikatan jinya, ya yarda aka riƙa bugawa. Gida takwas gare ta. Sunan mace da rana da waɗanda suka yi aikin. Dalilin aikin. Abin da aka tarar a ciki: kwanciyar jariri, nauyinsa, yadda ya yi kuka, launin ruwa, mabiyiya, lafiyar mahaifa. Irin yankan da aka yi wa mahaifar. Jinin da ya zuba. Ƙirgar kompres, ƙyallayen nan na goge jini, da allurai da ƙarafuna. Yadda aka ɗinke, hawa nawa, da wane zare. Sai umarni na bayan aiki. Ba ta yarda a ce jini "kamar rabin lita". Sai ta duba kwalbar zuƙe jini ta cire ruwan faya, ta ɗora jiƙaƙƙun kompres a kan sikelin jarirai ta cire nauyin busassu. Kompres kuwa tana ƙirga su da ƙarfi kafin a yanka, kafin a rufe mahaifa, kafin a rufe ciki, da kuma bayan an gama. Na sha tsayawa da jariri a hannu, ƙafafuna na zogi, tana can tana "sha bakwai, sha takwas". Wallahi sau da yawa na ji kamar in shaƙe ta.

Sai aka kawo mana Dokta Nasiruddeen daga Yamai. Yana da hannu, wannan ba a ƙwace masa ba, amma yana da girman kai da ya fi hannun. Ya zo da tasa takardar a cikin ordinatar, wato kwamfuta, an riga an cike ta tun kafin a ga majiyyaciya: yanka a kwance a ƙasan mahaifa, jini mililita ɗari biyar, ƙirga daidai, ɗinki hawa biyu. Suna da dalili kawai ake sakawa. Ran Juma'a yakan tara na mako ya sa hannu a tashi ɗaya. Mu duka muka ji daɗi, ni ce ma kan gaba.

Zalihatu ta ɗaga takardar da yatsu biyu ta ce, "Dokta, ke nan matan Arewa duka jini guda sukai? Ta Tibiri ɗari biyat, ta Doutchi ɗari biyat?"

Ya ce mata nan ba kasuwar awaki ba ce. Daga ranar ba su ƙara magana cikin daɗi ba. Ta ci gaba da cike tata takardar a gefe, tana jerawa a cikin wani kwali, ba mai tambayarta.

Ana haka, wata Talata da hantsi aka kawo Sahura daga wani ƙauye bayan Ɗan Kassari, cikin fari. Jaririn ya gitta, hannu ya fito, faya ta fashe tun jiya. Dokta ya yanka a kwance a ƙasan mahaifa kamar kullum, amma mahaifar ta matse jaririn, ya ƙi fitowa. Dole ya ƙara yankan sama, a tsaye, cikin naman mahaifar. Da haka ya ceto yarinya da rai, ni na karɓe ta. Abin da ya yi daidai ne. Sai dai macen da aka yi wa irin wannan yanka ba a barinta ta yi naƙuda nan gaba, domin tabon yana iya yagewa. Ana sa mata rana a yi mata aiki tun ciwo bai fara ba. Wadda aka yi wa yankan ƙasa kaɗai kuwa, ana iya barinta ta gwada haihuwa da kanta a asibiti.

Ran Juma'a takardar Sahura ta fito da sa hannun Dokta, tana cewa yanka a ƙasa, jini ɗari biyar. Zalihatu ba ta san a kira mutum gefe ba. A tsakiyar taron safe na Litinin, gaban majo da ɗalibai, ta aje takardun biyu a kan tebur.

"Wagga ƙarya ta," in ji ta. "Kun ƙara yankan sama, ni ad da riƙon ƙarhen. Jini lita guda da ɗari ukku anka zubar. Ku gyara."

Fuskar Dokta ta haɗe. Da ta same shi shi kaɗai, ina jin da ya ɗauki biro ya gyara. Amma a gaban ɗalibai sai ya ce ɗan ƙari ne da bai kai a rubuta ba, kuma likita ke rubuta rahoton aiki, ba mai miƙa almakashi ba. Majo ya juyo gare ni, tunda ina ɗakin. Gaskiya ita ce hankalina na kan jaririya, ban leƙa cikin ba. Abin da ya kamata in ce ke nan. Amma na tuna shekarun da matar nan ta yi tana tsinka ni a gaban mutane, sai na ce ni ban ga wani yanka na daban ba.

Ni ke kwafe rahoton aiki a cikin karne, ɗan littafin asibiti da mace ke tafiya da shi gida. Na rubuta "yanka a ƙasa" da hannuna. Ranar sallama na tarar da Zalihatu ta tsare Is'haƙa, mijin Sahura, tana ce masa duk ran da matarsa ta sake ɗaukar ciki ya kawo ta tun wata takwas, kada ya yarda ta yi naƙuda. Mutumin ya rikice, ya zo wurina. Na ce masa, "Rabu da ita, haka take da kowa. Abin da likita ya rubuta shi na gaskiya." Ya yi ta godiya.

Wata guda bayan nan aka ɗauke Zalihatu daga bulok aka mayar da ita rumfar rigakafin yara, can bakin ƙofa. Ranar har lemo na saya. Dokta Nasiruddeen bai cika shekara biyu ba ya koma Yamai karatu, aka kawo Dokta Afra'u.

Shekara uku da aikin, da safe wajen ƙarfe tara, sai ga Sahura da naƙuda. Na buɗe karne na ga rubutuna. Tazara ta isa, kan jariri na ƙasa, zuciyarsa na bugawa lafiya. Bisa abin da ke rubuce, babu laifi a bar ta ta gwada. Maganar da aka yi a taron nan ba ta ɓace mini ba, amma na danne ta. Dokta Afra'u tana taro a cikin gari, ban kira ta ba.

Zalihatu ta hango Is'haƙa daga rumfarta. Ba ta manta fuska. Ta shigo ɗakina ba sallama, da tsohuwar takardarta mai gida takwas ta aikin Sahura a hannu, ta buga mini ita a kan tebur.

"Madam Rahina, ki kira Dokta yanzu. Matag ga ba ta naƙuda."

"Mi ya kawo ki nan? Koma ki ɗiga ma yara magani."

"Ke kin san abin da anka yi mata. Kin sani!"

"Ni takardar likita na sani. Taki ba ta da sa hannun kowa. Hita min daga ɗaki."

Mun fi rabin awa muna wannan, mata na kallonmu. Wayata tana cikin aljihuna, lambar Dokta na ciki. Abin da ya hana ni dannawa shi ne kada Zalihatu ta ga na bi maganarta. Ta kira da tata wayar, Dokta ba ta ɗauka ba don ba ta san lambar ba. Sai na ji ƙarar moton nan ya fita, ta tafi ɗauko Dokta da kanta.

Kafin su dawo Sahura ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, sannan ciwon ya ɗauke cak. Gumi ya rufe ta, jini ya biyo. Na ɗora abin saurare a cikinta, na matsa nan, na matsa can, ban ji komai ba. A lokacin ne na kira, suna bakin ƙofa.

Dokta Afra'u ta ce Zalihatu ta wanke hannu ta shiga. Tabon tsayen nan ya yage tun daga ƙasa har sama. Yaro namiji, kilo uku da ɗari biyu, ba rai. Mahaifar ba ta ɗinkuwa, aka cire ta don a tsayar da jini. Sahura ta rayu da leda biyu na jini, tana da shekara ashirin da uku. Ina tsaye da gawar yaron a naɗe ina jin Zalihatu tana ƙirga kompres da muryar nan tata, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Dokta ta karɓi takarda mai gida takwas ta cike da hannunta, Zalihatu na gaya mata awon jini: lita biyu da ɗari ɗaya. Tun daga ranar ita ake amfani da ita, kuma an goge waccan daga ordinatar. Zalihatu ta koma bulok. Ba ta kai ƙarata ba, a taron binciken da aka yi ma ni na faɗi abin da na yi da bakina. Ba ta tausaya mini ba, ba ta kuma yafe ba.

Ranar da za a sallami Sahura, Zalihatu ta kawo mini karnen, ta buɗe shafin shekara uku da suka wuce, ta miƙo mini biro.

"Soke ƙaryarki. Layi guda, yadda za a iya karanta ta. Ki sa rana, ki sa hannu."

Ina cikin rubutu a gefen gado Sahura ta kamo hannuna. Ta ce, "Madam, Allah shi saka miki. Ke kika tsaya kaina tun sahe, kuma ke kika kwantar muna da hankali wancan karon." Is'haƙa ya ce amin, yana riƙe da 'yarsu.

Zalihatu tana tsaye a ƙafar gadon, ta ji komai. Na jira ta faɗa musu. Wallahi na so ta faɗa. Ta dube ni kawai, ta karɓi bironta ta fita.