Gemun Jarumi da Shanun Kawu

Shekara goma sha ɗaya hoton wani jarumin fim na Kano yana manne a bangon shagona na aski a Birnin Kudu. Babu fim ɗinsa da ban kalla ba. Irin gyaran gemunsa ma ni na fara yi wa samarin unguwarmu, har suka riƙa cewa a yi musu "na bango". Saboda haka ranar da taubashina ya miƙo min wayarsa na ga jarumin nan yana kiran sunansa, sai da na ajiye almakashi.

Taubashin nan ɗan kawuna ne, wato ɗan wan mahaifiyata, yana zaune a Farin Dutse ta ƙasar Gwaram. Sa'annin juna ne mu. Tun muna yara ba mu taɓa yin maganar kirki ta minti biyar ba: shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa, ya kira ni mai sharar gashi, in kira shi baƙauye. Duk wata yake zuwa in yi masa aski, ya tashi ya kaɗe riga ya fita, wai ubangida ba ya biyan bawa. Ni kuma in na je ƙauye, kazar da ta fi ƙiba nake kamawa.

A bidiyon, jarumin yana zaune cikin farar shadda, ya yi sallama, ya ambaci sunan taubashina da na garinsu, ya gode masa da ya shiga wani kamfanin zuba jari da ake yi ta waya. Ya ce shi ma a nan yake juya dukiyarsa, kuma an zaɓi taubashina cikin manyan mambobi, waɗanda kuɗinsu ke ninkawa cikin kwana arba'in.

"Ka ji dai da kunnenka," in ji taubashina. "Kai kana ta shafa hoto a bango, ni ga shi yana gaishe ni."

Ya ce da ɗan kaɗan ya fara, bayan mako biyu suka bar shi ya ciri riba, da ita ya sayi takalmin da ke ƙafarsa. Na kalli takalmin. Wallahi ya yi kyau, kuma na tsane shi.

Ba zan yi wa kaina ado ba, hassada ce ta kama ni. Mutumin da ko sunan fim ɗaya na jarumin bai sani ba! Na ce ya turo min bidiyon, kuma duk lokacin da kujera ta zama babu kowa sai in kunna, ina ƙara wa kaina ciwo. Na kalle shi ya fi sau talatin.

Wajen kallo na ashirin idon wanzami ya fara aiki. Na san layin gemun nan fiye da na fuskata. A bidiyon, duk sanda ya juya kai, layin sai ya narke a kan kunci, ya dawo. Da ya ɗaga hannu ya gifta ta gaban baki, sai leɓen ya yi dishi-dishi kamar an shafa mai a madubi. Na rage gudun bidiyon. Yana cewa "mambobi" amma leɓɓansa ba su gama haɗuwa ba, alhali babu mai faɗin wannan kalma baki buɗe. Haƙoransa kuma sun zama farin abu guda, babu tsaga. Na rufe ido na saurari muryar kaɗai: tasa ce, amma a miƙe take, ba ya jan numfashi, babu ɗan gyaran muryar da yake yi kafin ya soma magana.

Wani malamin kwamfuta na sakandare da nake yi wa aski ya duba, ya ce haɗi ne. Tsohuwar hirar jarumin 'yan damfara suke ɗauka, na'ura ta koyi muryarsa, a rubuta mata abin da za ta faɗa, a gyara bakin ya bi maganar. Sa sunan mutum a ciki ba ya cin minti biyar. Ya ce wasu bidiyon ma ido ba ya kama su, shi ya sa muka buɗe shafin jarumin na gaskiya, muka bi shi kaf. Ko sau ɗaya bai ambaci kamfanin ba.

Na ji daɗi. Wannan ma sai na faɗa. Ashe jarumina bai san da zaman baƙauyen ba.

Ranar Juma'a na je Farin Dutse suna. A can na ji cewa taubashina zai sayar da shanun huɗar Kawu guda biyu ya zuba kuɗin, don ya shiga sahun manya. Kawu ya tsufa, ya bar masa ragamar gona, kuma damina saura wata biyu. Da shanun nan ake huɗar gonar gidan, da su ake yi wa maƙwabta ƙodago a sami na taki.

Muna zaune a tabarma da 'yan uwa, ana cin waina, na ce da ƙarfi, "Kai baƙauye, aljanin waya ne ya gaishe ka! Gemunsa ma rawa yake. Za su cinye shanun su bar maka igiya."

Aka fashe da dariya. Ni ma ina dariyar.

"Ku ji bawana," ya ce. "Baƙin ciki zai kashe mai sharar gashi. In na sayi mota kai za ka riƙa wanke min."

Aka ƙara dariya, aka wuce wurin. Abin da taubashi ya faɗa a bainar jama'a yana dariya, babu mai ɗaukarsa magana, kuma na san haka sarai. Da a ce na ja shi bayan rumbu na ce, "Ɗan'uwa, yau ba wasa nake ba," na rage masa gudun bidiyon, da ya tsaya ya duba. Da a ce na shiga wajen Kawu na durƙusa na yi bayani, da shanun ba su fita ba. Na gaya wa kaina cewa ai na faɗa, na fita haƙƙinsa. Amma a kan babur, a hanyar komawa, abin da nake hangowa shi ne fuskarsa ranar da zai gane jarumin bai taɓa jin sunansa ba.

Taubashina ya sayar da shanun a kasuwar mako. Lambobi suka yi ta hawa a wayarsa. Da kwana arba'in suka cika ya nemi cirewa, aka ce sai ya biya kuɗin haraji tukuna. Bayan kwana uku manhajar kamfanin ta daina buɗewa, lambar wakilinsu ta mutu. Can daga baya jarumin ya fito a shafinsa yana rantsuwa cewa ba shi ba ne.

A daminar nan da hannu suka yi huɗa, rabin gonar ya kwana saura. Wata uku taubashina bai zo aski ba. Ranar da ya zo, gashi ya cika masa kai, tafin hannunsa duk kanta. Ya zauna, na ɗaura masa ƙyalle, ina jira ya ce mai sharar gashi. Bai ce ba. Sai da na kai aska maƙogwaronsa ya dube ni ta madubi.

"Ranar sunan nan, ka sani ne, ko tsokana ce?"

"Na sani," na ce.

"Tun yaushe?"

"Kwana huɗu kafin nan."

Na ƙarasa askin. Ya tashi, ya kalli hoton bango, ya sa hannu a aljihu ya ciro kuɗin aski cif, ya ajiye a kan tebur kusa da almakashi.

"Na gode, Malam," ya ce. "A gaida gida."