Ramin da Yaya ta sa aka toshe

A shekara guda na sayi kokot biyu, tukunyar nan mai rufewa gam da ke dafa wake da ƙarfin tururi. Ba don kuɗi sun yi mini yawa ba, ta farkon ce ta ƙona mini rai. Matan makarantar da nake koyarwa a Dogon Dutsi suka dame ni da tambaya: wacce za mu saya? Na gaji da amsa ɗaya-ɗaya, na zauna na rubuta musu ɗan sharhi a zaurenmu na waya.

Na ce ta farkon, mai hoton kifi, ta alminiyum ce, gindinta bai fi kaurin dala ba, ga saurin zafi ga saurin kamu. Mai hoton rana ta inoks ce, ƙarfen da ba ya tsatsa, gindinta hawa uku, da alminiyum a tsakiya don zafi ya bazu. Ta fi nauyi, ta fi tsada. Sai na zo kan tsaro. Dukansu suna da supap, ɗan kan nan da ke wulwulawa yana fitar da tururi. In ya toshe, mai rana tana da wata ƙofar mai sifirin, da tsaga a gefen murfi inda robar bakinsa ke turowa tururi ya fita, ga makulli da ke hana buɗewa da matsi a ciki. Mai kifi kuwa ɗan rami ɗaya gare ta, da ƙarfe a ciki mai narkewa in zafi ya yi yawa, don tururi ya samu hanya. Na rufe da cewa: "Aibinta duk yana wurin ramin nan. In ya narke, sai an sake shi kafin a ƙara ɗora ta."

Na ji daɗin kaina, har ina sake karantawa. Abin da ban lissafa ba shi ne rubutu yana da ƙafa. Wannan ta tura wa waccan, waccan ta karanta wa maƙwabciyarta da baki, har ya kai Matankari wurin yayata, mai sayar da wake da shinkafa. Ashe ita ma mai kifi ta saya, ba ta gaya mini ba, don ta san bakina.

Ranar wata asabar na hau kabu-kabu na je gaishe ta. Na tarar da ita tsugune gaban murhu tana gyara itace, fuskarta dab da tukunya. Supap ɗin ba ya motsi, sai wani ruwan wake mai kumfa da ke tsattsafowa daga ƙarƙashinsa. Inda ramin yake sai na ga wani ƙulli mai sheƙi.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Aibin da kinka ce mana! Can baya ya hwashe, ya watsa mini wake har bisa rumfa. Na kai ma maƙeri ya like shi. Yanzu ko iska ba ta hita."

Tana faɗa tana murmushi, jira take in yaba mata. Kuma a wurinta gaskiya gare ta. Tun muna yara, tukunya in ta huje maƙeri ake kai wa, ya buga mata ƙusar alminiyum, a ci gaba da girki. Wa ya taɓa jin ramin da ake bari da gangan?

"Har ina kika cika ta?"

"Har wuya. Mutane nawa nika ciyarwa?"

Haushi ya turnuƙe ni, nata da nawa. Wake kumfa yake, ɓawonsa shi ke toshe supap, bai kamata ya wuce sulusin tukunya ba. Ranar da ramin ya narke, ranta ya ceta. Ni da na iya zuba bayani kan kauri da hawa uku, wannan layi ɗayan ban rubuta ba.

Na fizgo hannunta na ja ta baya, na janye itacen duka. Ta shiga faɗa: 'yan lakwal masu boko ba su san wahala ba, masu saye suna tafe, ƙanwa ba ta kashe wa yayarta wuta a gidanta. Na tsare ta bayan rumbu muna kallon tukunyar daga nesa, har ta huce sarai. Sannan na kwance murfin na ɗaure shi cikin zanena.

"Gobe za a kawo miki tawa mai rana. Wannan kuwa ba ki ƙara ganinsa."

"Sabuwa hwa ce! Ki ba ni abuna, ɗiyar nan."

Ta kama ƙullin tana ja, ina ja. Sai ta tsaya cak, ta dubi fuskata. Ta dubi murhun, inda ta tsuguna ɗazu. Sannan ta saki.

"Mu uku munka tahi wurin maƙerin, ni da maƙwabtana biyu, kowace da murfinta," in ji ta a hankali. "Tashi mu je, yanzu su ma sun ɗora."