Katunan Ustaz

Ustaz ne ya duba mini aikin digirina na biyu, shi ya roƙi mahaifina ya bar ni in ci gaba da karatu. To ranar da ya turo mini kwalayen takalma cike da katunan da ya rubuta sunayen littattafan da ya duba, ya ce, "Ɗiyata, ki maida wannan jerin manazarta," da wane baki zan ce a'a?

Lokacin ina koyarwa a Sennar, shi kuwa ya yi ritaya ya koma Mai Wurno, idonsa na ja da baya. Ya gama littafi a kan noman gaɓar kogi a ƙauyukanmu, maɗaba'ar jami'a ta karɓa, ta ce jerin kawai ya rage. Idan ya shigo kafin a rufe shekara a buga, idan bai shigo ba a ba wani gurbin. Ni ba abin da nake so kamar in ga littafin nan a hannunsa tun yana iya ganin sunansa.

Na ɗauka aikin kwafa ne. Ina! Ustaz bai jera katunansa da sunan marubuci ba, da maudu'i ya jera: auduga, ban ruwa, hijira. Littafi guda sai ka same shi a kwali uku. Nan ya rubuta shekarar Hijira, can Miladiyya. Wani katin bugun Alƙahira, wani bugun Bairut, shafukan sun sha bamban, dole in gano wanne ya riƙe lokacin da ya ɗauko magana. Sunayen Larabawa in tsallake "al" in jera da harafin da ke binsa. Marubuci ya fitar da abu biyu a shekara guda, in sa wa ɗaya harafin "a", ɗaya harafin "b", in koma cikin littafin in gyara ko'ina. Wanda ba shekara, sai na hau mota zuwa ɗakin karatu a garin Madani, in na rasa in rubuta "babu shekara". Ga rabawa: rubutun hannu daban, hira da dattawa daban, na Larabci daban, na Turanci daban. Da na yi nisa a kwamfuta sai wuta ta ɗauke.

Hutuna duk ya tafi a nan. Kowace Juma'a ina cikin motar Mai Wurno, kwali a cinya. Wallahi akwai ranar da muna bin gaɓar kogi na ji kamar in cilla shi ta taga in huta.

Sannan na zo kan babban aikin. Na bi littafin shafi shafi, duk inda ya ambaci wani aiki sai in nemo katinsa in ɗiga masa fensir. Ƙa'idar maɗaba'a ke nan: abin da aka ambata a ciki shi kaɗai ke shiga jeri. Da na gama, katunan da ba ɗigo sun fi masu ɗigo yawa nesa. Na ɗaure su da roba na ware, raina bai so ba, don a bayan kowane kati Ustaz ya rubuta wanda ya ara masa littafin ko ya karanta masa shi. Na tambayi editan maɗaba'ar ko za a yi sashen ƙarin karatu. Ya ce takarda ta yi tsada, halas, magana ta ƙare.

Na kai masa jerin ana saura kaɗan a rufe. Yana zaune a kan angare, gadon nan na igiya, a rumfa, matarsa ta kawo mana gahawa. Ya ce in karanta masa. Ina karantawa yana gyaɗa kai kamar mai sauraren hadda, sai ya ɗaga hannu.

"Ina limamin garin Rufa'a da ya ba ni labarin shekarar fari?"

"Ustaz, ba ka ambace shi a littafin ba."

"Ina ɗan littafin nan na tsutsar auduga?"

"Shi ma."

"Ya salam! Don mi kika yi haka? Na ci abincin mutane, in tashi ban ce an gode ba?"

Na yi masa bayani a hankali, cewa jeri ba wurin godiya ba ne, hanya ce da mai karatu zai bi ya duba maganar da aka ɗauko. Shi ya koya mini haka, amma ban ce ba. Na ce akwai shafin godiya a gaba. Ya ce can na masu buga takarda ne da masu kawo shayi.

Ya kurɓi gahawarsa. Na fara murna a raina, na ce ya sauko.

"Kika ce sai wanda aka ambata a ciki?"

"E, Ustaz."

"To ai da sauƙi. Kwance robar. Ɗauko babi na farko da alƙalami, mu ambace su ɗaya ɗaya."

Na dubi tarin katunan. Kowane kati sai an nemo masa jimla, an nemo littafin, an tabbatar da shafi. Aikin shekaru ne, shi ma ya sani. Na ce, "Za su ba wani gurbin." Ya ce, "Su ba shi."

Na kwance robar. Gurbin ya tafi, na ci gaba da zuwa duk Juma'a. Muna babi na huɗu idon ya rufe gaba ɗaya, kuma bai bar ni na tsallake kati ko ɗaya ba.