Albashin Watan Agusta

Shekarar da na fara riƙe kuɗin wata makaranta a Talata Mafara, na haɗa kasafin shekara da takardar hasashen shigar kuɗi da fitarsu wata-wata. Iyaye sau uku suke biya, farkon kowane zango, albashi kuwa duk wata sai ya fita. Takardar ta nuna a Agusta, lokacin dogon hutu, asusu zai bushe.

Mai makarantar ya ce, "Malam, ai lissafin shekara da rara. Raba kuɗin gida goma sha biyu, ta yi kyan gani."

Na raba, ta kuwa yi kyau ƙwarai.

Da Agusta ya ƙare, malamai suka cika ofishina neman albashi, shi yana gonarsa a Bakura. Na miƙa wa kowa kwafin takardar.