Jan Biron Séraphin Dabiré

Shekara ashirin da uku Séraphin Dabiré ya yi yana gyaran rubutu a wata ƙaramar jarida a Bobo-Dioulasso, a kan tebur guda, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Sunansa bai taɓa fitowa a jaridar ba. 'Yan jarida su yi rubutu, shi ya bi da jan biro, Salimata Barro ta buga a na'ura. Siriri ne, mai tabarau da aka ɗaure da zare, kullum da rana wake da shinkafa yake ci a wurin mace ɗaya. Mutum ne mai wuyar sha'ani, kuma da gangan yake yi.

Abin da ya tsana a Faransanci shi ne jimlar da ake juya wa baya, wadda abin da aka yi wa aiki ke zuwa gaba, mai aikin kuma a jefa shi can ƙarshe bayan kalmar par, ko a yar da shi gaba ɗaya. Yaran ofis Tonton suke ce masa, wato kawu. In yaro ya kawo masa Le marché a été fermé par le maire, sai ya cire tabarau.

"Kai, magajin gari ne ya rufe kasuwa ko kasuwa ce ta rufe shi? Sa shi a gaba mana. Le maire a fermé le marché. Ka ga ka rage kalma biyu, kuma mai karatu bai yi haki ba."

"To Tonton, in ban san wanda ya yi ba fa?"

"Sai ka sa on. On a fermé le marché, an rufe kasuwa. Haka uwarka take magana a gida, ba ta cewa a été. Amma in ka san shi ka ɓoye, to ba jarida kake rubutawa ba, takardar ofis ce."

Yakan bar irin wannan jimla ta wuce in wanda abin ya faɗa wa shi ne labarin, kamar mutumin da mota ta buge. Sauran kuwa soke su yake yi. A ganinsa nauyi gare su, kuma mafaka ce ta wanda ya yi ɓarna ba ya son a kira sunansa.

Matarsa Honorine ɗinki take yi a gida. 'Yarsu ɗaya, Clarisse, ma'aikaciyar jinya ce a Lyon, can ƙasar Turawa. Wata Litinin cikin damina Honorine ta tashi da zazzaɓi da ciwon ciki, ta ce ya kai ta asibiti. Ya ce zazzaɓin sauro ne, ya sayo mata ƙwayoyi, ya hau babur ɗinsa ya tafi ofis, domin makon zaɓe ne, aiki ya yi yawa. Talata ta sake faɗa. Laraba ba ta ce komai ba, shi kuma ya ɗauka sauƙi ne. Ranar Alhamis da ya kai ta, likita ya ce hanji ne ya fashe, ya tambaye shi tun yaushe. Ta rasu da safiyar Juma'a.

Bai yi kuka ba. Aka kai ta ƙauyensu aka yi kwana uku ana kiɗan makoki da balafon, yana zaune inda aka zaunar da shi, in an miƙo hannu ya miƙa. Clarisse ba ta samu zuwa ba, cikinta ya kai wata takwas. A waya kuka kawai ta yi. Bayan mako biyu ta aiko da saƙo ta adireshin jaridar, layi uku. Ta ce aikinta ne, ta san wannan ciwon ba ya kisa a kwana ɗaya, tana so Papa ya rubuta mata yadda aka yi.

Ya zauna a teburinsa lokacin cin abincin rana, ofis ba kowa sai Salimata. Ya rubuta gaisuwa, ya rubuta ranaku. Da ya zo wurin, hannunsa da kansa ya rubuta Elle a été conduite à l'hôpital trop tard. Ya duba. Jimlar ba kuskure, har e ɗin mace yana nan a ƙarshen conduite. Honorine ce a gaba, bayanta ba kowa. Ya soke, ya rubuta On l'a conduite à l'hôpital trop tard, an makara wajen kai ta asibiti. Wannan ta fi sauƙi a baki, amma shi ya san wanda ya yi. Ya daɗe yana kallon takardar, ba ya jin komai sai ƙarar fanka. Daga nan ya soke On l'a, ya rubuta Je l'ai a samansa, ni na kai ta a makare. Ya miƙa wa Salimata, don shi bai iya na'ura ba.

Salimata ta fara bugawa, ta tsaya.

"Tonton Sera, wannan fa?"

"Buga yadda yake."

"Yarinyar nan gobe-jibi za ta haihu, ita kaɗai a ƙasar mutane. Ka aika mata wannan ta yi yaya da shi?"

"Ita ta tambaya."

"Ai ni ma na je gidan ran Talata karɓar zanena, na gan ta kwance, na ce sannu na fito. Maƙwabtanku sun gani. On ai mu ne, ko ba haka muke faɗa kullum ba, on va manger, za mu ci abinci? Mu duka muka makara."

"Ba ke ta ce wa ki kai ta ba, Sali."

Ta ci gaba da bugawa, tana share hanci da bakin gyale. Da ta gama ta juyo masa da fuskar na'urar kamar yadda suka saba, ya duba kafin a aika. Ya gyara tabarau ya bi layi-layi. Ya ga waƙafi ɗaya ya ɓace a gaisuwa, ya nuna mata da ɗan yatsa, ta saka. Ya sauko ƙasa. On l'a conduite ta buga, ba Je l'ai ba. Ya karanta sau biyu. Mutumin da bai taɓa barin ɗigo ya wuce shi ba, ba yadda za a ce bai gani ba, ita ma ta san ya gani. Ya ji wani sauƙi ya sauko masa a ƙirji, kuma ya ji kunyar sauƙin.

"Aika," ya ce.

Amsa ta zo washegari da hantsi. Salimata ta fitar masa a takarda, ta ajiye a gefen teburinsa ba ta dube shi ba. Clarisse ta ce ta gane. Ta ce ta san mamanta da taurin kai, ta tabbata ita ce ta ƙi zuwa asibiti har sai da Papa ya tilasta mata, kuma ta kwana tana fushi da ita, Allah ya yafe mata. Ta ce in namiji ta haifa, Séraphin za ta sa masa.

Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun riga. Wani ɗan jarida yana tsaye a kansa da labarin gadar da ruwa ya cinye, yana jira. Séraphin ya karɓa ya karanta har ƙarshe, ya mayar masa ba ja ko ɗaya.

"Tonton, ba gyara?"

"Kai wa Sali ta buga."

Bayan wata ɗaya Clarisse ta haihu, namiji.