Firjin Maritza Duk Kore Ne

Doña Hermelinda Chicaiza ta fi ni ƙarfi ranar da na fara ganinta, ba wasa nake ba. Gidanmu a Solanda, kudancin Quito, hawa huɗu ne babu lif, kuma ta hau shi da buhun dankali a baya tana zagin direban tasi da ya ƙi taya ta. Ni da nake hawa na uku, da jakar hannu kawai nake haki.

Tun tana budurwa take sayar da chochos da gasasshiyar masara a tashar motar garinsu, Latacunga. Waken nan fari, gishiri, lemon tsami, albasa, a ƙulla maka a leda ka ci a tsaye. Da kwandon tallan nan ta yi wa 'ya'yanta biyu makaranta, ta gina ɗaki biyu da tsakar gida inda take kiwon kaji. Wilmer, babban, ya tafi Sydney yana aikin fenti. Maritza, ƙaramar, ita ce a samanmu, tana aiki a shagon waya, kuma duk abin da ta ci sai duniya ta ga hotonsa.

Abin da ya kawo tsohuwar Quito ƙaramin abu ne. Jiri ya ɗebe ta a tasha, likita ya ce jininta ya ɗan hau, sukari ma ya ɗan leƙa sama. Ya ce a rage gishiri da zaƙi, in an je kanti a riƙa duba danja. Shi ke nan fa abin da ya ce. Danjar kowa ya san ta, layuka ukun nan da ke jikin leda da kwalba: sukari, mai, gishiri. Ja ya yi yawa, rawaya tsaka-tsaki, kore kaɗan. Maritza ta ji wannan magana ta mayar da ita addini.

"Mami, a gidan nan ja ba ya shigowa," in ji ta, a kan matakala, kowa yana ji. "Rawaya sai Lahadi."

"To yaushe zan koma gida, mija, 'yata? Kajina suna hannun maƙwabta."

"Ranar da kika sauka ƙasa kika hawo ba ki dafa ƙarfe ba, ba jiri, ni da kaina zan kai ki."

Tsohuwar ta yi dariya har da tafi. Ita da ta hau da dankali? Ta ce a ba ta sati biyu ta huta.

To ga abin da kore yake nufi a gidan. Maritza tana fita da safe, sai dare take dawowa, ba ta da lokacin girki. Sai ta cika firji da jelatina, wato jeli, marar sukari, da ruwan kala mai ɗanɗanon lemo wanda aka sa wa zaƙin roba, da faifan shinkafa busasshe mai kama da soso. Duk kore, kore, kore. Cuku ya fita, ja ne a mai. Gyaɗa soyayya ta fita, ja a mai. Yogot mai 'ya'yan itace ya fita, ja a sukari, don danja ba ta bambanta zaƙin da madara ta zo da shi da wanda aka zuba, duka take haɗawa. Kifin gwangwani yana jiran Lahadi. Ƙwai da nama da chochos kuwa babu danja a jikinsu ko kaɗan, sai Maritza ta ce abin da ba a rubuta ba ba ta san me ke ciki ba. Da dare miyar kabewa da karas, ba gishiri, da tsokar kaza kamar yatsa.

Danja abu uku kawai take aunawa, a cikin giram ɗari. Ba ta gaya maka ko abin zai gina jiki. Ruwan famfo da aka zuba wa kala kore zai samu sau uku. Na faɗa wa Maritza haka wata rana muna jiran motar gas.

"Veci, maƙwabciya, ke likita ce yanzu?" Ta kalle ni sama da ƙasa. "Ki fara da naki cikin tukuna. Gwamnati ce ta sa alamar nan, ba 'yar TikTok ba."

Wilmer ya ga uwarsa a kiran bidiyo, wuyanta ya zama kamar na kaza, sai ya aiko kwali daga can. Ciki akwai hatsin karin kumallo, a gaban kwalin taurari huɗu cikin biyar. Can haka suke yi, babu launi, lissafi ɗaya ake haɗawa. Maritza ta juya kwalin ta karanta: sukari giram ashirin a ɗari. A nan wannan ja ne wur. A can kuwa dusa da furotin da aka ƙara sun biya wa sukarin bashi, maki ya hau. Kwali ɗaya, can abin yabo, nan guba. Rigimar tasu a waya har ɗakinmu ake ji, don Maritza ba ta san magana a hankali ba.

"Taurari huɗu ne, ñaña, ƙanwata! Turawa ne suka auna!"

"Turawanka su ci. Kana so ka kashe ta daga nesa ka ce ni ce?"

"Ke kike kashe ta da ruwan kala!"

"To zo ka ɗauke ta mana, mai fenti. Wa yake wanke mata kaya? Taurarinka?"

Babu wanda ya tambayi tsohuwar me take so ta ci. Kwalin ya ƙare a kwandon shara na ƙofar gida, karnuka suka yi biki.

Duk wannan lokacin Doña Hermelinda tana gwada matakala. Da zarar Maritza ta fita, sai mu ji takunta. Da farko har ƙasa take zuwa ta gaisa da mai gadi ta koma. Bayan wata biyu ta fara tsayawa a ƙofarmu tana hutawa. Siket ɗinta ta ɗaure shi da igiyar takalmi don kada ya zube. Wata rana ta ƙwanƙwasa, mamata ta buɗe.

"Vecina, don Allah ko ɗan cuku. Ƙanƙani. Wari kawai nake so in ji."

Mamata ta zaunar da ita, ta soya mata ƙwai biyu, ta yanka cuku, ta ba ta burodi. Matar nan ta ci tana kuka, tana lashe yatsu, tana ba mu haƙuri kamar ta yi sata. Sauran cukun mamata ta naɗe mata a ledarsa ta sa a aljihun riga.

Ledar ce ta tona. Maritza ta same ta ƙarƙashin matashi, ta ɗauki hoton jan layin, ta sa a zauren WhatsApp na gidan gaba ɗaya. Ta rubuta: "Akwai masu ba mahaifiyata guba a ɓoye. In wani abu ya same ta na san ƙofar da zan buga." Mutane suka yi ta sa fuskar mamaki. Matar hawa na ɗaya ta rubuta, "Allah ya ba mu 'ya'ya irinki." Na rubuta amsa mai tsawo, Maritza ta sa aka cire ni daga zauren.

Daga ranar take kulle ƙofa ta waje in za ta fita. Ba matakala, ba cuku. Sai takun tsohuwar a saman silin ɗinmu, daga ɗaki zuwa taga, daga taga zuwa ɗaki, tana jan ƙafa. A shafinta kuwa Maritza ta sa hoton firji a buɗe, komai a jere, an juyo da danjar waje: "Haka ake kula da uwa." Zuciyoyi suka yi ta zuba.

Da bikin Mama Negra, babban bikin Latacunga, ya matso, tsohuwar ta tayar da rigima. Ba ta taɓa rasa shi ba, ranar ce take sayar da kwando uku. Ta ce a yi gwajin, ta shirya. Lahadi ce, kowa yana gida. Ta sa hularta ta Latacunga, ta yafa mayafi, har ta ƙulla kayanta ta ajiye a bakin ƙofa. Maritza ta tsaya a sama da waya tana ɗauka.

"To bismillah, Mami, mu gani. Ban da dafa ƙarfe, ina kallonki."

"Kina kallona? Ni na koya miki tafiya, 'yar banza."

Muka fito muka tsaya a ƙofofinmu. Ta sauko hawa ɗaya, hannuwa a buɗe kamar mai tafiya kan igiya. Ta iso gabanmu ta kashe wa mamata ido. Gwiwoyinta suna rawa, ana gani ta cikin siket. Mamata ta ce, "Doñita, ki dafa, ba komai." Ta girgiza kai. In ta dafa ta faɗi gwaji. Ta sa ƙafa a matakala ta gaba, ƙafar ta naɗe kamar tsumma. Ƙarfen yana nan dab da hannunta, ba ta kama ba.

Ƙarar da ƙugunta ya yi a kan siminti ba zan manta ba. Hular ta gangara har ƙasa.

Mu muka bi su asibiti, don Maritza ta kasa komai sai ihu. Likitar ƙashi, wata mace mai gajeren gashi, ta ɗaga hannun tsohuwar ta matsa damtsen, fata ce kawai take lilo.

"Wa yake ciyar da matar nan?"

"Ni ce, doctora. 'Yarta ce ni." Har da ɗaga kai.

"Me take ci?"

Maritza ta fito da waya ta nuna mata hoton firjin. Likitar ta daɗe tana kallo, tana buɗe hoton da yatsu.

"Ina abincin?"

"Ga shi nan. Duk kore ne."

"Señora, mahaifiyarki yunwa ce take cinta. Babu tsoka a jikinta. Za mu yi aikin, amma ban ce za ta sake tafiya ita kaɗai ba."

Kun san me Maritza ta ce da muka fito baranda? Ta juyo ta kalli mamata, ido jawur.

"Kun gani? Da na bar ta ita kaɗai a Latacunga ta faɗi haka fa, wa zai ɗauke ta? Kuma tun ranar cukun nan ta canza."

An yi aikin. Ba ta sake tsayawa da ƙafarta ba. Kajin, maƙwabta sun cinye su ɗaya bayan ɗaya, ɗakunan biyu an sa musu kwado. Yanzu Doña Hermelinda tana kan keken guragu a hawa na huɗu, kuma ba a ma buƙatar kulle ƙofar.

Ranar ƙarshe da na je duba ta a asibiti, kafin a sallame su, an kawo mata abincin rana: ƙwai dafaffe, miya da nama, da ƙaramin kofin yogot. Tsohuwar ta miƙa hannu, ta kusa kai wa kofin. Maritza ta riga ta ɗauka, ta juya shi tana neman danja.

"Bari in gani tukuna, Mami," in ji ta.