Ba a Ambaci Kowa Ba

Duk unguwar Yolde Pate babu wanda ya kai Baba Hamajoɗa iya gyara bayanin taro, kuma shi ma ya sani, wannan ce matsalar. Ni Munirat nake faɗa. Shagon buga takardu gare ni a Jimeta, kuma tun da ya bar aikin akawu a ƙaramar hukuma wurina yake kawo rubutunsa. Mutum ne dogo, siriri, da biro biyu a aljihun gaba, baƙi da ja. In ka ce masa "ana cewa", sai ya tsaya ya dube ka ya ce, "Wa ke cewa?" Matarsa ma ba ta tsira ba. In ta ce za a gyara rariya, sai ya tambaye ta sunan mai gyaran da ranar.

Abin da yake rubutawa a wurin taro kuwa, wallahi ko shi sai ya sa tabarau. Bayan ambulan ne ko takardar kalanda, Hausa ta hau kan Fulatanci, Turanci ya ratsa ta gefe, kibiya nan, da'ira can. Amma da ya zauna a bencin shagona sai ya tsefe shi kamar gashi. Kashi na farko mahalarta, da waɗanda suka aiko uzuri. Na biyu abin da aka yanke, kuma a nan ba ya wasa: duk daɗin maganar mutum, in shugaba bai rufe ta an amince ba, hira ce, ba ta shiga. Na uku ayyuka, kowane da gurbi uku: aikin, mai yi, da ranar gamawa. Ba ya yarda a rubuta "kwamiti" a gurbin mai yi, sai sunan mutum ɗaya. In an ce "bayan Juma'a", sai ya buga wa shugaba waya a tsayar da kwanan wata. Abu ɗaya ne ban taɓa gani a gurbin mai yi ba, sunansa.

"Sakatare alƙalami ne, 'yata, ba ƙafa ba," haka yake ce mini.

A shekarar da aka ci Michika da Mubi, mutane suka kwararo Yola da abin da kansu ya iya ɗauka. Yolde Pate ta cika, kowane zaure da baƙi. Aka kafa kwamitin unguwa, Modibbo Suhaib limami ya zama shugaba, sakatare kuwa ba a ma yi zaɓe ba. Gaskiya a faɗa, takardun Baba sun yi aiki. Zai rubuta: katifu, Chukwuka mai kayan mota na Demsawo, ranar kaza. Taro na gaba ya miƙe ya karanta a gaban kowa. Chukwuka ya ce shi bai taɓa tsoron takarda irin wannan ba, ya kawo katifun tun ranar ba ta yi ba.

A cikin baƙin akwai Edith, mai ɗinki daga Michika, da 'yarta Hadassah. Yarinyar tana ajin ƙarshe na sakandare suka gudo, takardun makarantarta duk suna can gida. Uwar ba abinci ta roƙa ba. So take a yi wa 'yarta rajistar jarrabawar fita kafin a rufe a ƙarshen Janairu. Akwai makarantar kuɗi a cikin Yola wadda ta ware 'yan gurabe kyauta ga 'yan gudun hijira, da sharaɗin kwamiti ya rubuta wasiƙar shaida, wani ɗan kwamiti kuma ya kai da kansa ya tsaya wa yaro.

Mai makarantar shi ne Alhaji Nu'uman, uban kwamitin. Ba ya zuwa taro, amma ana aika masa da kwafi. Kuma shi ne ƙanin mahaifin matar Baba, wanda ya riƙe ta ya aurar da ita. Suruki ke nan na gaske. Wanda ya san Fulanin Yola ya san abin da nake nufi. Baba ba ya kiran sunansa, ba ya cin abinci a gabansa, in ya hango shi a hanya sai ya tuna yana da uzuri a wani lungu.

Aka kawo maganar a taro, kowa ya ce madalla, Modibbo ya ce, "An amince. Za a rubuta, za a kai." Sai duk idanu suka juya wurin Baba. Kowa ya san shi ne mafi kusa da gidan. Amma wane marar ta-ido ne zai aiki dattijo wurin surukinsa a bainar jama'a? Suka bar wa hankalinsa. Shi kuma kansa na sunkuye, yana rubutu.

Washegari ya zo shagona. Mahalarta, na buga. Abin da aka yanke, na buga: kwamiti zai tsaya wa Hadassah 'yar Edith. Rubuta wasiƙa, Modibbo Suhaib, Litinin. Muka zo kan kaiwa.

"Mai yi?" na tambaya.

"Rubuta: ba a ambaci kowa ba."

"Rana?"

"Ba a tsayar ba."

Na ɗaga hannu daga kan kwamfuta. "Haba Baba! Ai surukinka ne."

"To shi ne zan ƙirƙiro suna? Abin da taro bai faɗa ba sakatare ba ya sa masa a baki. Wannan cin amana ne."

Abin haushin, gaskiyarsa ce. Sakataren da ke cike gurbi da ka maƙaryaci ne. Har ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin wurin, don a ga akwai gyara. Na ce ya buga wa Modibbo waya mana, kamar yadda yake yi a kan kwanan wata. Ya ce ba shi da kati.

Modibbo ya rubuta wasiƙar a kan lokaci, tunda sunansa na takarda. Taro na gaba Baba ya miƙe ya karanta da muryarsa mai kyau: "Kai wasiƙa, ba a ambaci kowa ba." Modibbo ya yi gyaran murya ya ce, "To, a duba wanda ya dace." Idanu suka sake juyawa. Wanda ya dace ya rubuta "a duba wanda ya dace", ya ɗaga maganar zuwa taro na gaba. Chukwuka, wanda da yana nan da ya fasa ƙwan, ya tafi gida Kirsimeti, sunansa na nan tsaf a cikin masu uzuri.

Edith ta gaji ta karɓi wasiƙar ta kai da kanta. Akawun makarantar ya ce mata sharaɗi sharaɗi ne, ta zo da ɗan kwamiti. Ta dawo ta sami Baba a ƙofar gida, ta durƙusa.

"Baba Sakatare, wa zai raka ni?"

Ya ɗauko bayanin taron ya nuna mata yadda komai ya fito fili, babu ɓoye-ɓoye. Ita ba ta san zancen surukuta ba, kuma ba ruwanta. Ta sa yatsa a kashi na farko, ta bi sunayen a hankali.

"Waɗannan su ne suka zauna?"

"Su ne."

"Wannan na biyun ba kai ba ne?"

Ta ajiye masa wasiƙar, ta miƙe ta tafi, ba ta jira amsa ba. Matarsa ta gaya mini ranar ko fura bai sha ba.

Kar ku ɗauka da safe ya tafi. Ina! Sai da ya yi ta fama da kansa a kan cewa taro bai ba shi aikin ba, taro na gaba kuma sai bayan an rufe rajista. Ana gobe rufewa ya sa babbar riga, ya ɗauki wasiƙar, ya tafi gidan da rabonsa da shiga tun wata ta'aziyya. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya tsuguna a bakin zaure, idonsa a ƙasa. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi gida da yara da gajiya. Da ƙyar ya tura wasiƙar gaba a kan tabarma.

Alhaji Nu'uman ya karanta, shi ma bai dube shi ba. Ya sa aka ɗauko masa kwafin bayanan taron, duk suna nan a jere.

"Aikinka yana da kyau," in ji shi. "Ban taɓa ganin bayani a fili haka ba. Tun na farko na ga maganar yarinyar, na sa aka ajiye mata gurbi. Kowane kwafi ya zo sai in duba wa zai kawo, sai in ga ba kowa. Na so in aika a kira ka, na ga bai kamata in kira suruki kamar yaro ba. Shekaranjiya muka tura sunaye, na ba wani yaro daga Madagali."

Baba ya ce, "Useko," wato ya gode. Me kuma zai ce? Dattijai biyu sun kiyaye mutuncin juna sarai, ba wanda ya ji kunya, yarinya ta rasa shekara.

Na ji haushi ba kaɗan ba, kuma na gaya masa. Bai yi musu ba. A taron da ya biyo baya ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya ajiye biro, ya ɗaga hannu, ya nemi a ba shi aikin Hadassah na baɗi. Aka amince. Da bakinsa ya faɗa mini sunan, na buga shi a gurbin mai yi. Shi ya kai ta, shi ya tsaya mata, ta rubuta jarrabawar tare da waɗanda a da take gaba da su. Ranar da 'yan ajinta na asali suka karɓi sakamako, uwarta ta ce yarinyar ɗaki ta shiga ta rufe.

Edith ta koma Michika bayan an samu lafiya. Hadassah ta zauna, ta yi kwaleji a nan, yanzu ita ke riƙe da shagona. Kwamitin baƙi ya zama na gyaran unguwa, Baba kuma yana nan da birukansa, ya ƙara tsufa, ya ƙara iyayi. Hadassah ba ta taɓa yi masa maganar waccan shekara ba, tana tashi ta ba shi kujera.

Makon jiya ya kawo bayanin taro a bayan katin ɗaurin aure. Shi da Hadassah suka gama mahalarta, suka gama abin da aka yanke. Suka zo kan kai ƙorafin magudanar ruwa ofishin ƙaramar hukuma kafin damina.

"Mai yi, Baba?"

"Ba a ambaci kowa ba."

Ba ta buga ba. Ta ɗora hannuwanta a cinya, tana kallonsa kawai. Ya dubi katin, ya dubi fankar sama, ya cire hula ya mayar. Sannan ya ciro waya ya kira Modibbo.

"Allah ya gafarta Malam, maganar magudanar nan, in ba wanda ya ɗauka, a ba ni." Ya saurara, ya kashe.

"Sa Hamajoɗa," ya ce mata.

"Rana?"

"Laraba mai zuwa."

"Me ya sami gobe, Baba?" in ji Hadassah.